Yaro na karatu, kai kana rubuta kurensa: yaya kuke yi?

Malamar aji biyu: Assalamu alaikum. Na fara zaunar da yara ɗaya bayan ɗaya, kowa minti uku. Ina ba yaro labari mai kalma 100, ni ma ina riƙe da kwafinsa ina sa alama. Wata yarinya ta yi kure 8, ta kuma gyara wasu 4 daban da kanta. Gyaran nan ma kure ne? Don Allah waɗanda suka saba su faɗa mana.

Tsohon malami: Wa alaikumus salam, Malama. A tsarin Marie Clay, masaniyar koyar da yara karatu, ba a lissafa shi kure. Yarinyarki ta ci 92 cikin 100, wato labarin ya dace a koyar da ita da shi. Daga 95 zuwa sama za ta iya ita kaɗai, ƙasa da 90 ya fi ƙarfinta. Gyara kuwa, ki haɗa 8 da 4 ki raba da 4, ya ba ki 3: duk tuntuɓe uku tana kama ɗaya da kanta. Amma abin da na fi so ki yi, kada ki tsaya ga jan layi, ki rubuta abin da bakinta ya faɗa a saman kalmar. Na taɓa samun yara biyu masu maki ɗaya. Na farko ya ga "akuya" ya ce "tunkiya", don hoton ya kalla, bai dubi baƙaƙen ba. Na biyu ya ga "kare" ya ce "kere", ya wuce abinsa, bai damu da cewa maganar ba ta da ma'ana ba. Da maki kawai na rubuta, da magani ɗaya zan ba su.

Sabon malami: Ni ajina gaba ɗaya nake sa su karanta tare, kuma suna yi lafiya lau.

Tsohon malami: Malam, a cikin amshi mai hadda yake ɓuya. Ware ɗaya ka ba shi labarin da bai taɓa ji ba, ka gani.

Malamar aji uku: Ni agogo nake sawa. Minti ɗaya, in cire kure daga kalmomin da ya karanta. In ya cije na daƙiƙa uku sai in faɗa masa kalmar, in sa ta a kure. Maimaici ma kure nake sa shi.

Tsohon malami: Maimaici dai ba kure ba ne, Malama, sau da yawa shirin gyara ne. Ki sa masa alama kawai.

Malamar aji uku: To na ji, amma yana cinye minti. Kuma tun da yara suka gane agogon suke gudu, ba sa tsayawa a aya. Har yanzu ban san yadda zan yi da wannan ba.

Malamar aji biyu: Na duba takardar yarinyar. Layi kawai na ja, ban san me ta faɗa ba. Gobe zan sake da wani labarin.