Garantin motar tokunbo: Sani ya ce damfara ce

Sani Direba: Jama'a, garantin nan da dilolin mota ke sayarwa damfara ce tsagwaronta. Na sayi Corolla 2008 tokunbo a Kano, na ƙara dubu 150 a kai, wai garantin wata uku ko kilomita 5,000, na inji da giya. A sati na shida tiyon lagireto ya fashe mini a hanyar Gezawa, gasket ya ƙone. Na koma, suka ce ba ruwansu. To kuɗin me na biya?

Alhaji Bala: Sani, ka iya bakinka. Damfara babbar kalma ce. Shekara 20 ina harkar mota, ban taɓa cin na kowa ba.

Sani Direba: Alhaji ni ban kama sunanka ba.

Alhaji Bala: Ka ce diloli. Ni mai sayar da gyaɗa ne?

Hajiya Ladi: Ni dai gaskiyar Sani nake gani. Tawa kwana tara da saye batir ya mutu, na kira mutumin ya ce wai batir ba ya ciki. Batir a wajen mota yake zama?

Usta Garba: Hajiya, batir kam ko a sabuwar mota lissafinsa daban ne. Shi da taya da birki da kulochi da shokoba da bel, duk kayan da ke cinyewa da aiki ne, garantin tsohuwar mota ba ya ɗaukar su. Sani, ƙanena, amsa mini biyu. Da allurar zafi ta hau, nan take ka kashe? Kuma wa ya fara kwance injin?

Sani Direba: Magariba ta yi, ga mutane a mota. Na lallaɓa ta zuwa gari, bai fi kilomita bakwai ba. Washegari wani bakanike a nan ya buɗe kan injin.

Usta Garba: To nan aka yi ɓarin. Kan injin Corolla ɗin nan alminiyam ne. In ruwa ya zube kana ci gaba da tafiya, mintuna kaɗan sun isa ya lanƙwashe, gasket ya saki. Shi ya sa da safe ka ga baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko farin hayaƙi a salansa. Shi dila ga yadda zai karanta maka: abin da ya fara lalacewa tiyo ne, tiyo roba ne, ba ya cikin takarda. Abin da ke cikin takarda, wato injin, kai ka ƙona shi da ka ƙi tsayawa. Sannan ka ba wani ya kwance kafin su gani. Yawancin takardun nan in ka duba ƙasa za ka ga sharaɗin zafi da sharaɗin kada wani bakanike ya taɓa. Ko ɗaya daga ciki ya ishe su.

Ɗanjuma: Ya ce "ga mutane a mota". Waɗanne mutane? 😂

Sani Direba: 'Yan uwa ne.

Ɗanjuma: Yaya Sani, 'yan uwan da ke biyan kuɗin mota ranar kasuwa?

Usta Garba: In haya ce, ƙofa ta uku ke nan. Motar haya sukan cire ta daga garanti gaba ɗaya.

Malam Habu: Ku tsaya. Tun farko cinikin ne ban gamsu da shi ba. Ka ba da dubu 150 a kan abin da ba ka san zai faru ko ba zai faru ba. Wannan ai garari ne. Amma aibin da ke jikin kaya tun kafin ciniki, mai saye bai sani ba, yana da zaɓin mayarwa ko babu wani garanti. Wannan sananne ne a fiƙihu.

Alhaji Bala: Allah gafarta Malam, wane aibi? Motar 2008 ce. Ita kanta Toyota a Amurka garantin inji da giya shekara biyar take bayarwa ko mil 60,000, kuma a sabuwa fil. Wannan nata ya ƙare tun tuni. Tsohon tiyo a tsohuwar mota aibi ne ko tsufa?

Malam Habu: In ya san ya tsage ya naɗe shi da salatif, aibi ne.

Alhaji Bala: Wa ya ce ya naɗe? Kun ga irin ta ko? Daga damfara an koma ƙage.

Ɗanjuma: Ku dai dilolin nan mitar tafiya ma juya ta kuke yi. Mota ta zaga duniya, ku mayar da ita 80,000.

Alhaji Bala: Yaro, da haka take sauka. Je ka tambayi 'yan Kwatano.

Hajiya Ladi: Alhaji ai ka amsa da bakinka ke nan.

Nura Ɗalibi: Akwai hukumar FCCPC ta kare haƙƙin masu saye, dokarta ta 2018 ce. Ya kai ƙara kawai, dole su ba shi sabon inji.

Usta Garba: Ƙara yana iya kaiwa, Nura, amma "dole" ɗin nan da sauƙin faɗa. Za a tambaye shi takardar da ya sa wa hannu. Sani, kafin ka kai ko'ina duba mini abu ɗaya: akwai tamostat a motar? Fankar kuma tana tashi da kanta in inji ya yi zafi, ko an haɗa ta kai tsaye, da ka murɗa makulli sai ta kama? Mutanenmu da yawa suna cire tamostat su haɗa fanka haka don kawai sun saba, amma wani don ya rufe matsalar zafi yake yi. In haka ka karɓe ta daga hannunsu, kana da abin faɗa: wataƙila da ciwonta ta zo, matsin da ke shiga ruwa daga gasket mai yoyo shi ma yana fasa tiyo.

Sani Direba: Fanka kam tun ranar farko da makulli take tashi. Na ɗauka haka ake yi.

Alhaji Bala: Rabin motocin Kano haka suke. Wannan ba hujja ba ce.

Usta Garba: Hujja ce rabi. Sauran rabin ya tafi da aka kwance injin babu su a wurin. Ni da ni ne ba zan biya dubu 150 ɗin nan ba, don daga ƙauye nake. Takardar ta ce garejinsu za ka kai, kuɗin janwe daga nan zuwa Kano kuma naka ne. Gara in ɗauki bakanike na biya shi wuni guda, mu je da sassafe inji na sanyi, a buɗe murfin lagireto a tayar a ga ko ruwa na kumfa, a sa na'ura, a hau titi a ji yadda giya ke canzawa. Ragowar kuɗin in ajiye. Inda garanti ke da rana shi ne giyar otomatik, don ita wani lokacin sai ta yi zafi a doguwar tafiya take nuna halinta. Shi ma sai an rubuta cewa kaya da kuɗin aiki duk nasu ne, da kwana nawa za su yi su gyara.

Malam Habu: Har yanzu ba a amsa mini maganar garari ba.

Ɗanjuma: Malam ai kai babur gare ka.

Alhaji Bala: To tunda ni ne babba a nan, bari in tattara. Kowa ya yarda babu damfara. Usta da kansa ya ce laifin Sani ne, ya tuƙa mota babu ruwa kuma ya yi haya da ita. Garanti abu ne mai kyau ga wanda ya karanta takarda. Saura Sani ya janye kalmarsa.

Usta Garba: Alhaji, ban ce mai kyau ba ne. Cewa na yi ba zan biya ba.

Sani Direba: Ban janye ba. Usta, gobe zan turo maka hoton wurin tamostat ɗin. Kan injin kuma a kai a goge shi ko sai na nemi wani?

Usta Garba: Sai an ɗora masa ma'auni an ga iya lanƙwasar, a kuma duba ko ya tsage. Kada ka bari a goge kafin dilan ya gani da idonsa.