Neman shawara kan rubutun neman tallafin Commonwealth

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman tallafin Commonwealth don yin digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma a Birtaniya, kuma rubutun bayanin kaina ya cije. Ni ce ta farko a gidanmu da ta gama jami'a. Mahaifina manomi ne, da kuɗin ɗinkin huluna na biya rajista. Idan na rubuta haka sai ya zama kamar bara, idan na cire kuma babu abin da ke nuna ba zan iya biya ba. Burina aiki kan mutuwar mata wajen haihuwa a karkarar Jigawa. Da wanne zan fara, burin ko halin gida? Kuma in faɗi abin da Baba ke samu a shekara, ko jimla ɗaya ta wadatar?