Me za mu kira amsar da aka sauƙaƙa wa ɗan koyon harshe?

Mai tambaya: Jama'a, ɗan koyon Faransanci kan roƙi a ba shi amsa da abin da suke kira "français facile", wato kalmomin yau da kullum da gajerun jimloli. Ina neman sunan wannan da Hausa, don ɗalibi ya san ainihin abin da yake roƙa. Ni dai "sassauƙan harshe" ne ya zo mini.

Wani ɗalibi: Ai "a taƙaice" ya wadatar. Ka ce a taƙaita maka, shi ke nan.

Malamar Faransanci: A'a ɗana, taƙaitawa daban. Bafaranshe zai iya ba ka amsa da kalma biyu, "Ça marche", kai kuma ka fahimci "yana tafiya", alhali nufinsa "to, na yarda". Gajeriya ce, kalmominta ma na ajin farko ne, amma ta ɓatar da kai. Kamar ka ce wa mai koyon Hausa "ya ari ta kare": ya san aro, ya san kare, amma bai san gudu ake nufi ba. Sauƙaƙawa sau da yawa tsawaita magana take yi. Shi ya sa nake sa ɗalibaina su faɗi matakinsu, A1 ko A2 a ma'aunin ƙwarewar harshe da Majalisar Turai ta fitar a 2001, su kuma rubuta cewa su 'yan koyo ne, a amsa musu da sassauƙan kalmomi da gajerun jimloli:

```
Je suis débutant (A1). Répondez avec des mots simples et des phrases courtes, s'il vous plaît.
```

Idan amsa ta zo ka san kowace kalma amma ma'ana ta ƙi fita, salon magana ne a ciki. Sai ka nemi a sake faɗa ta wata hanya.

Wani dattijo: Mu da "gwari-gwari" muka san shi. Yi mini gwari-gwari.

Mai tambaya: Baba, ma'anar ta yi daidai ƙwarai, sai dai daga sunan ƙabila aka samo ta, kuma akwai waɗanda take ɓata wa rai. Ba na so ta shiga littafin koyarwa.

Wata mai fassara: "Dalla-dalla" fa? Ko da yake wannan ya fi karkata ga kawo bayani duka, ba rage nauyin kalmomi ba. Abin da muke nema yana da iyaka: shirin Turanci na musamman da Muryar Amurka ta fara a 1959 kalmomi kusan 1,500 ya tsaya a kansu, ana kuma karantawa a hankali. Ina ganin "harshen 'yan koyo".

Malamar Faransanci: Wannan sai a ɗauka gurɓataccen harshen da ɗan koyo ke yi ne, alhali amsar dole ta zama ingantacciya. Na fi son "sassauƙan harshe", a ƙara "daidai ɗan koyo" in ana son bayani.

Wani dattijo: Ya yi tsawo, Malama. Wa zai faɗi wannan a baki?