Takardun gwajin kunne biyu, zane daban-daban: a taimaka min

Maman Rukayya, Asawase: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da maigidana mun yi gwajin ji rana ɗaya a nan Kumasi, aka ba kowa takardar da suke kira odiyogiram. Tawa, kunnen dama: jajayen O sun yi layi a kwance, 45, 45, 40, 35, 35, 40, sannan akwai wasu alamomi [ can sama tsakanin 5 da 10. Kunnen nan yana ruwa tun ina yarinya. Shi kuwa shekara 22 yana kan injin niƙa a Aboabo. Nasa layin, kunnuwan biyu: 15, 15, 20, 35, ya faɗa 60, ya tashi 40, kuma alamomin suna manne da layin. Aka ce nawa wataƙila a gyara da aiki, nasa sai na'urar taimakon ji. Ta yaya haka, alhali nawa ne ya fi lalacewa?

Alhaji Idrisu: Wa alaikumus salam. Dauɗar kunne ce kawai, 'yata. Ki ɗiga man zaitun kwana uku, ku koma a wanke. Ni haka aka yi min, har agogon bango na koma ji.

Malam Fusaini, Sabon Zango: Abin da na sani, layi a kwance toshewa ce, layin da ya gangara kuma jijiya ce. Haka aka gaya mana lokacin gwajin Baba.

Anti Zainabu: Alhaji, a yi haƙuri, kada ta ɗiga komai. Kunnen da ya daɗe yana ruwa sau da yawa dodon kunnen a huje yake, man zai wuce ciki ya tayar da ciwon.

Ƙanwata, aikina ke nan, ɗauko takardarki. Daga hagu zuwa dama kaifin sauti ne: 250, 500, 1000, 2000, 4000, 8000 Hz, daga mai kauri kamar ganga zuwa siriri kamar usur. Daga sama zuwa ƙasa ƙarfin da sai an kai kafin ki ji, a ma'aunin dB. Babban da layinsa bai wuce 25 ba, ana ɗaukar jinsa lafiya.

Kin tuna sau biyu aka gwada ki? Da farko an sa miki abin kunne, sautin ya bi hanyar da magana ke bi: ramin kunne, dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa uku da ke bayansa, sannan kunnen ciki. Wannan ne O ɗinki. Daga baya aka ɗora wani ɗan ƙarfe mai kaɗawa a ƙashin bayan kunnenki. Shi ba ya bin waccan hanyar, ƙashin kai yake girgizawa, sautin ya isa kunnen ciki kai tsaye. Wannan ne [ ɗin.

To a 500, ta iska kin ji a 45, ta ƙashi kin ji a 10 ko ƙasa da haka. Tazarar 35 ke nan aƙalla, mu kuwa da ta wuce 10 muke fara zargin hanya. Ma'ana kunnenki na ciki garau yake, a hanya sautin ke raunana. Shi ya sa aka yi maganar aiki: ana iya facin dodon kunne, ana iya gyara ƙasusuwan idan tsohon ciwon ya ci su. Kin ga ma ya fi tsanani a 250 da 500, haka huji ya saba yi, sauti mai kauri ya fi taɓawa.

Maigida kuwa babu tazara. Ta iska 60, ta ƙashi 60. Duk ta inda aka biyo, abin da ke karɓar sautin ne ya gaji.

Maman Rukayya: Na fara ganewa, Anti. Amma me ya sa nasa ya yi rami a wuri ɗaya kawai?

Anti Zainabu: Kunnen ciki a naɗe yake kamar dodon koɗi, an jera ƙananan ƙwayoyi masu gashi a cikinsa, kowane sashe da sautin da yake karɓa: siriri a bakin ƙofa, mai kauri can ƙurya. Saboda haka yana iya lalacewa sashe-sashe. Ƙarar inji ta fi cin sashen 3000 zuwa 6000, galibi 4000, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne ramin kunne da kansa yana ƙara wa sautin wajen 3000 ƙarfi. Wannan tashin da ya yi zuwa 40 a 8000 shi ne tambarin ƙara. Da tsufa ne, da ya ci gaba da gangarawa bai dawo ba. Muna ganin irinsa a masu niƙa da masu buga jikin mota na Suwame. Ƙwayoyin kuma idan sun mutu ba sa tsirowa, ba abin da wuƙar likita za ta ɗinka.

Gwada shi yau da dare: ki juya baya ki ce sara, fara, shara, tsara. Wasulan zai ji su duka, domin masu kauri ne, amma s, f, sh da ts a sirara suke zaune. Shi ne za ki ji ya ce “ina jinki, ban dai gane ba”. Kuma in kin ɗaga murya ya ce kina masa ihu, don lalataccen kunnen ciki tsakanin bai ji ba da ya yi masa yawa ɗan taƙi ne. Ke kuwa da an ɗaga murya kin ji tsaf. Shi ya sa ba zan ce naki ya fi lalacewa ba.

Malam Fusaini, rabin maganarka daidai ne, amma kada a yanke hukunci da siffar layi. Akwai ciwon kunnen ciki mai layi a kwance, akwai ma wanda mai kauri yake fara ci. Tazarar ake dubawa. Wani abin kuma, toshewar hanya ita kaɗai ba ta cika wuce 60 ba, domin sauti in ya kai wannan ƙarfin ƙashin kai ma yana ɗaukarsa.

Malam Fusaini: Na karɓa. Zan nemo takardar Baba in sake kallo.

Awwal Direba: Ni a wani wuri aka ce min toshewa ce a hagu, na sha magani wata biyu a banza. Da na sake gwaji a wani wurin, suka sa min shuuu a kunnen dama, sai ga shi hagun ba ya ji ko ta ƙashi. Kuɗina dai sun tafi.

Anti Zainabu: Awwal, ga abin da ya faru. Ƙashin kai ɗaya ne, duk inda aka ɗora ƙarfen kunnuwa biyu ke ji, sai mai lafiyar ya amsa wa marar lafiyar, tazarar ƙarya ta fito. Shuuu ɗin don a shagaltar da mai lafiyar ne. A dama, < na nufin ba a sa shi ba, [ na nufin an sa. A hagu > da ]. Na Maman Rukayya [ ne, don haka na yarda da tazararta. Amma kai, kunne ɗaya ya mutu ta ciki ɗayan lafiya, ka koma wajen likitan kunne, sukan so hoton kai. Wanda kuma jinsa ya ɗauke farat ɗaya, ya je asibiti a ranar, kada ya jira sati.

Maman Rukayya: Allah ya saka da alheri, Anti. Sai dai ya ce ba na'ura, ba barin injin, da shi muke ci.

Alhaji Idrisu: Ya toshe da auduga mana.

Anti Zainabu: Auduga ba ta tare abin kirki, Alhaji, sai matoshin roba ko mai rufe kunne gaba ɗaya. Zai kare abin da ya saura, ba zai dawo da 4000 ba. Batun na'ura kuwa, wasu masu irin raminsa suna jin daɗinta, wasu su ajiye a aljihu. Ki ce ya zo mu yi magana da shi.

Maman Rukayya: Na karanta masa. Ya ce sai bayan salla.