Adireshin imel 640 na samu a baje koli, in zuba su duka?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ina sayar da turaren wuta a Kasuwar Barci. A baje kolin Kaduna mutum 640 suka rubuta imel a littafina don shiga gasar kyauta. Ina son tura wasiƙa duk wata. In zuba su duka a manhajar tura imel?

Sani Kawo: Hajiya ki bar imel, WhatsApp ya fi sauri.

Malam Bashir: Sani, saƙon bai-ɗaya na WhatsApp mutum 256 yake ɗauka, kuma sai wanda ya ajiye lambarta zai gani. Hajiya, kada ki zuba su. Don gasa suka rubuta, ba su ce suna son talla ba, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta ce shiru ba amincewa ba ne. Ki yi fom mai suna, imel, da akwatin amincewa wanda mutum zai danna da hannunsa. Ki kunna saƙon tabbatarwa, wato sai ya buɗe imel ɗinsa ya danna mahaɗi kafin ya shiga jerin. Wannan ne ke tace adireshin da aka rubuta ba daidai ba.

Zainab U/Rimi: Ku ƙara tambaya ɗaya a fom: sari ko ɗai-ɗai? Rukuni biyu sun ishe ki. 'Yar sari farashin katan take jira, mai ɗai-ɗai sabon ƙamshi. Saƙon maraba ya tafi nan take, ya faɗi ko ke wace ce, sau nawa za ki riƙa rubutu, da mahaɗin fita a ƙasa.

Abu Haidar: Ni wani ya sayar mini da jerin mutum 5,000. Turawar farko kusan rabi suka dawo, kamfanin turawar ya rufe asusuna, kuɗina suka bi ruwa. Har yau lambar wanda ya sayar mini ba ta shiga.

Malam Bashir: Allah Ya mayar da alheri. Abin da ke jawo rufewar ke nan, saƙon da ke dawowa da masu danna Spam. Gmail na son ƙorafi ya tsaya ƙasa da kashi 0.3 cikin 100, mutum uku a dubu. A 640 mutum biyu kacal sun ƙetare da ke.

Maman Ilham: Nawa ake haɗa fom ɗin?

Sani Kawo: Dubu arba'in a Tudun Wada.

Zainab U/Rimi: Haba Sani! Dubu goma na ji, kuma manhajar tura imel ta Brevo na barin imel 300 a rana kyauta, kwana uku ta gama.

Sani Kawo: To Anti, a biya ni da kwalbar humra.

Abu Haidar: Masu ba da shawarar nan, wa ya taɓa yin asara a cikinku?

Maman Ilham: To littafin fa, Malam? In yar da shi?

Abu Haidar: Ni masu ba da bashi ta waya ne ma suka dame ni, wa ya ba su lambata?