Muhawara: Hashtag Nawa Ne Daidai a Instagram da X?

Mai Turaren Wuta: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da turaren wuta da humra a Kano. Wata ta ce mini in dai ina son ciniki, in cika ƙasan kowane hoto da hashtag talatin, in kwafe su in zuba a X ma. Gaskiya ne?

Telan Zariya: Gaskiya ta faɗa miki, Hajiya. Da talatin ɗin na tara mabiyana. Na adana su a waya, #love, #fashion, #instagood, duk ɗinkin da na ɗora sai in manna.

Malam Mai Talla: Maigida, wannan zamanin ya wuce. Tun 2021 Instagram da kansu suka ba da shawarar uku zuwa biyar. A Disamban 2024 suka cire damar bin hashtag, sannan a ƙarshen 2025 suka sanar da rage adadin daga talatin zuwa biyar. Shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya sha faɗa cewa hashtag ba ya ƙara yawan masu ganin abu yadda mutane ke zato. Aikinsa shi ne ya nuna abin da hoton ya ƙunsa, ya kuma taimaki mai bincike.

Telan Zariya: To ni mabiyan nawa daga sama suka faɗo?

Malam Mai Talla: Ɗinkinka mai kyau ne, shi ya sa. Amma duba waɗanda suka zo ta #love. Nawa ne suka taɓa kawo maka yadi? Hashtag da duniya duka ke zuba hotuna a ciki, naka nan take yake nutsewa, waɗanda za su gani kuma ba su san inda Zariya take ba.

Hajiya, ga yadda zan yi da ni ne ke. Da farko bayanin hoton ya faɗi kayan da sunansa, domin binciken Instagram yana karanta kalmomin rubutun, ba hashtag kaɗai ba: turaren wuta haɗin Maiduguri, ƙaramar kwalba, muna Kano, ana aikawa. Sai ki sa huɗu. Biyu na kayan, #turarenwuta da #humra. Ɗaya na mai saye, kamar #kayanlefe. Ɗaya na gari. Kafin ki sa kowanne, ki rubuta shi a wurin bincike ki ga me ke fitowa. In hotunan sun yi kama da kayanki, ki ɗauka. In ba haka ba, ki bar shi komai farin jininsa.

Ɗalibar BUK: Na gari ɗin nan a yi hattara. #Kano ba namu ba ne mu kaɗai, akwai mawaƙin Birtaniya mai wannan suna, akwai kuma wani jarumi a cikin wasan bidiyo na Mortal Kombat. Gara a haɗa shi da wata kalma. Sannan alamar da muke sa wa 'yan da 'ya'ya tana yanke hashtag, haka ma tazara. Kuma #ƙunshi da #kunshi na iya kai ki wurare biyu daban, yawancin mutane kuwa ba sa danna ƙ a waya.

Baffa Mai Shayi: Ni dai in an ce talatin, kuɗin data ne zai ƙare wa yarinya.

Ɗalibar BUK: Baffa, rubutu ba ya cin data, bidiyo ne ke ci.

Mai Turaren Wuta: Na gode. To X fa?

Malam Mai Talla: Can ɗaya ya isa, ko ma babu. Haruffa 280 ne ga mai asusun kyauta, kowane hashtag kuma cikin su yake ci. Tun ana kiransa Twitter shawararsu kada a wuce biyu. Elon Musk ma a Disamban 2024 cewa ya yi a daina, manhajar ba ta buƙatarsu.

Ɗalibar BUK: Nan kam ban bi ka ba, Malam. Da me aka yi #BringBackOurGirls a 2014 da #EndSARS a 2020? Kalma ɗaya ce ta tara mutanen da ba su san juna ba.

Malam Mai Talla: Ai kin faɗa da bakinki, ɗaya. Gangami daban, talla daban. Abin da na tsana shi ne a ga maganar rasuwa ko hari tana tashe, mai kaya ya liƙa hashtag ɗinta a tallar atamfa. Dokokin X sun hana wannan, mutane kuma toshe ka za su yi.

Telan Zariya: Ni har yanzu ban gamsu ba. Wanda ba shi da mabiya, ta ina za a gan shi?

Malam Mai Talla: Ta bidiyon da mutane suka tsaya suka kalla, suka tura wa wasu. Amma ka gwada. Ka mayar da asusunka na kasuwanci, ka ɗora irin ɗinki ɗaya a lokaci ɗaya, mako biyu da hashtag biyar, mako biyu babu. Sai ka buɗe Insights, wato shafin alƙaluman asusunka, ka ga waɗanda ba mabiyanka ba nawa suka gani, ka kuma ƙirga masu tambayar farashi.

Telan Zariya: Sai bayan Sallah. Yanzu ko ba hashtag ɗinki ya yi mini yawa, gwajin ba zai nuna komai ba.