Kod ta saƙon tes ko Authenticator, wanne zan ɗauka?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da atamfa da leshi ta Facebook da WhatsApp, kuma komai nawa a kan layi ɗaya yake, har Gmail da banki. Makon jiya aka fizge wayar ƙanwata a cikin keke wajen Kawo, kafin a rufe layin har an shige mata Facebook. Don kare akawun ɗina, kod ɗin shiga ta tes zan zaɓa ko na manhajar Authenticator?

Baban Ummi, Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Allah Ya mayar mata da alheri. Hajiya, Authenticator za ki ɗauka, amma da sharaɗi.

Kod ɗin tes layi yake bi, ba ke ba. Wanda ya zare sim ɗinki ya sa a 'yar ƙaramar wayarsa, shi saƙon zai samu, ko da wayarki na kulle da zanen yatsa. Ina kyautata zaton abin da aka yi wa ƙanwarki ke nan: an danna an manta kalmar sirri, kod ya faɗo hannun ɓarawo. Ita manhajar ba a turo mata komai. Ranar da kika haɗa ta, Facebook zai nuna miki hoton QR, ki ɗauka da ita, shi ke nan ta riƙe wani mabuɗi a cikin wayar. Da mabuɗin da agogon waya take fitar da lamba 6, tana sauyawa duk daƙiƙa 30.

Sharaɗin kuwa, mutane da yawa sukan sa manhajar su bar lambar waya a matsayin hanyar dawo da akawun, ka ga an kulle ƙofar gida an bar katanga a rushe. Don haka da Gmail za ki fara, tunda ta nan ake dawo da sauran. Ki shiga Security, sannan 2-Step Verification, ki haɗa manhajar, ki ciro Backup codes, wato lambobin ajiya da za ki shiga da su in babu wayar. Guda 10 ne, kowanne sau ɗaya yake aiki. Ki rubuta su da biro ki ajiye inda kike ajiye takardun gida, kar ki ɗauki hotonsu ki bari a wayar. Sai kin fita kin sake shiga kin ga kod ya karɓu, sannan ki cire tes daga hanyoyin karɓar kod.

Sadiq Rigasa: Gaskiya ne. Kuma ba ta buƙatar sabis. Lokacin da aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin Kaduna a 2021, da mai manhaja ne ko a jikinsa.

Baban Ummi: Kod ɗin dai zai fito, Sadiq, amma da wane data za ka shiga Facebook ɗin? Inda take amfani shi ne kana da intanet amma tes ya ƙi zuwa.

Anti Larai: Ni dai ta taɓa ƙona ni. Wayata ta faɗa a bokitin wanki, na sayi sabuwa, na sauke manhajar, na tarar da ita fayau, babu ko akawun ɗaya. Shafin da na yi shekara uku ina tara kwastomomi, har yau ban koma ba. Da tes ne, walkam-bak kawai zan je in yi da NIN ɗina in ci gaba da harkata.

Baban Ummi: Sannu Anti, rashin lambobin ajiya ne ya cuce ki. Tun 2023 Google Authenticator na iya adana kod-kod ɗin a akawun ɗin Google, su biyo ki sabuwar waya. Sai dai duk wanda ya samu Gmail ɗin ya samu duka, shi ya sa wasu ba sa kunnawa. Ni na kunna, abokin aikina ya ce ganganci ne, har yanzu muna musu.

Ɗan Barnawa: Ni tawa kullum sai ta ce kod ba daidai ba ne. An yi min kutse ke nan?

Sadiq Rigasa: Duba agogon wayarka. In da hannu ka saita shi, ya yi gaba ko baya da minti ɗaya ko biyu, kod ba zai karɓu ba. Mayar da shi ya riƙa saita kansa.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai. To WhatsApp da bankin fa?

Baban Ummi: Nan ba ki da zaɓi sosai. WhatsApp da lambar waya yake rajista, sai dai ki kunna Two-step verification ki sa lambobi 6 naki na kanki. Banki ma galibi tes suke turowa. Maganin shi ne ki sa wa sim ɗin kansa PIN, duk wayar da aka sa shi sai ya nema. Amma ki nemo PUK ɗinki tukuna, wato lambar buɗe sim in ya kulle, yana jikin katin da sim ya zo a kai, don kuskure uku ya kulle.

Anti Larai: Katin da na jefar tun ranar da na sayi layin?